Yadda Za Ka Aurar Wa Kwamfutarka Harsuna Uku

Ba zan ɓata maka lokaci da yadda ake saka Hausa a Windows ba. Ka shiga Settings, ka bi Time & language, ka buɗe Language, ka danna Add a language, ka ɗauko Hausa da Larabci. Wannan ko ɗan firamare zai yi. Zaman da zai biyo baya shi ne aikin.

Na ɗaya: lanƙwasassun haruffa suna ƙarƙashin Alt na dama. Riƙe shi ka buga k, ga ƙ. Haka ɓ da ɗ, har da ƴ ta mutanen Nijar. Na dama na ce, malam. Na hagu ba ruwansa da Hausa.

Na biyu: kafin kowace jimla ka saci kallon kusurwar allo ta ƙasa, kusa da agogo. In ka ga HAU, bismilla. In ENG ce ka danna Alt da d a burauza, ba wata ɗ da za ta fito. Sai dai kwamfuta ta ɗauke ka cak ta kai ka gurbin adireshi a sama, kai kuwa kana ta zuba wa surukinka gaisuwa a can, kanka a sunkuye.

Na uku kuwa, rabon kwana. Riƙe maɓallin Windows ka taɓa Space, jerin harsunan zai fito, ka zaɓi mai girki. To amma akwai wata ɓarauniyar hanya, Alt da Shift, wadda take juya harshe ba sallama. Yatsa ya goge su kawai, shi ke nan. Daren jiya ina sauri na buga salam, na ɗago na tarar da سشمشة. Wallahi ko a Azhar ba mai fassara wannan. Wai wane ne ya ga dacewar ɗora aiki irin wannan a kan maɓallai biyu da hannun hagu yake kwana a kansu? Bai taɓa buga kalmar sirri ba ne? Can ɗigo-ɗigo kawai kake gani. Ka buga daidai a ce ba daidai ba, ka sake, ka fara zargin yaran gida, daga nan a rufe maka asusu, alhali ع ce zaune a kusurwa tana kallonka.

Toshe hanyar nan tun yau. Nemi Advanced keyboard settings, shiga Input language hot keys, sai Change Key Sequence, ka zaɓi Not Assigned.

Na nawa muke? Oho. A Word, Ctrl da Shift na dama yana iya kwashe sakin layi ya mai da shi dama. Na hagu zai dawo da shi. In kuma ƙ ta fito kamar akwati, ko ta fi 'yan'uwanta ƙiba, salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da ita, ka koma Arial. Jan layin da Word yake ja a ƙarƙashin kowace kalmarka kuwa, haƙuri.