Lanƙwasa Ɗaya, Kati 300

Sunana Dauda. Harafi 5 ne kacal, kuma ni malamin Hausa ne a Kafin Hausa, mai jan kunnen yara kullum a kan lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. Ku riƙe wannan.

Saura kwana 9 ɗaurin aurena na kira wani mai buga kati a Kano. Layin ranar sai a hankali, magana na zuwa tana yankewa. Ya ce, "Malam, Bauda ko Gauda?" Ban ga laifinsa ba. A waya "bi" da "di" da "ti" duk ƙarshensu ɗaya, ɗan sautin farkon da ke raba su kuwa shi layi ke fara haɗiyewa. Shi ya sa tun 1956 matuƙan jirgin sama suke da kalmomi tsayayyu, Delta a madadin D, Alfa a madadin A. Ni kuwa na ce me zai kai ni aro, ga garuruwanmu?

Na gyara murya. "D na Dutse. A na Auyo. U na Unguru."

"Malam, Nguru ai da N ake rubuta ta."

Nan ya kamata in shiga taitayina, amma girman kai ya hana. Na ce to U na Ungogo, tunda shi Bakano ne. Da na zo D ta biyu sai na ga maimaita Dutse gazawa ce ga mai ilimi irina. Na ce, "D ta tsakiyar Haɗejiya."

"Ta Haɗejiya? Kin tabbata... au, ka tabbata, Malam?"

"Yaro, wannan fannin nake koyarwa."

Abin da ke idona allon bakin hanya ne, inda ake rubuta Hadejia da d miƙaƙƙiya. Shi kuwa abin da bakina ya furta ya bi, kuma ya bi daidai. Cikin masu buga kati nawa ne suke damuwa da lanƙwasa? Sai ni Allah ya haɗa da mai kula.

Direban motar Kano ya miƙo mini kwali a tasha. Kati 300, ruwan zinare, rubutu ɗauke da ado: Ango, Malam Dauɗa.

Daren nan ni da ƙanena muka zauna da reza da fitilar waya muna kankare ƙugiyar ɗaya bayan ɗaya. Idan ka danna takarda ta huje, idan ka sassauta wutsiyar ta rage. Mun ceto wajen 200. Sauran ashe ɗan'uwan amarya ya riga ya kwasa ya rabar a Bulangu.

Ranar ɗaurin aure kakar amarya ta aiko mini da sabulu sanda 2 da soso, ta ce a gaya wa mijin nata ya fara da bayan kunne.