Tumatirin Bayan Gida da Tabon Damina

Mu a layinmu na Kubwa, tun tsadar tumatirin 2024 kowa ya zama manomi. Shekarar ce uwargidan shugaban ƙasa ta yi ta kiran kowane gida ya yi lambu, amma a gaskiya mu farashin kwando a kasuwar Dei-Dei ne ya fi kiranmu. Mai fili a bayan gida ya sa fartanya, marar fili ya jera buhunan siminti a jikin katanga, har wanda bai taɓa riƙe hauya ba ya koma ba da fatawa kan taki. Haka muke. Mukan shuka a watan Mayu da murna, Yuni ya same mu muna ɗaukar hoto muna tura wa dangi, idan Agusta ya raba sai ka ji layin ya yi tsit, kowa na zagaya shukarsa yana kallon ganyen ƙasa da ya yi tabo-tabo ya koma ruwan ɗorawa.

Daga nan sai neman mai laifi. Hajiya ta gidan kusurwa ta ce irin ne na bogi. Maƙwabcinta ya ce ƙasar Abuja ce ba ta da albarka, tunda a garinsu ko a juji tumatir yake fitowa. Akwai wadda ta rage murya ta ce bakin mutane ne, ai ta ga yadda wata ta tsaya tana yaba lambun ba ko tubarkalla.

Baba maigadi, wanda ya yi shekaru yana noman rani a Kadawa kafin ya zo birni, yana kan bencinsa yana jinmu. Da aka matsa masa sai ya ce, "Hajiya, ba irin ba ne, ba bakin kowa ba ne, tiyonki ne. Kullum da magariba ina ganin yaronki yana yi wa tumatir wanka tun daga ka."

"To Baba, ba ruwa yake so ba?"

"Saiwa ce take shan ruwa, 'yata. Ganye kuwa so yake ya kwana a bushe."

Maganar Baba ita ce maganar malaman gona, bambancin kawai shi bai saka riga mai aljihu ba. Tabon nan aikin fumfuna ne, dangin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, suna zaune a cikin ragowar ganyen bara da ya ruɓe a ƙasa. Idan ɗigon ruwa ya bugi ƙasa da ƙarfi, sai ya fantsamo su kan ganyen da ya fi kusa. Ba za su iya shiga ganyen ba sai ya jima a jiƙe na wasu sa'o'i, cikin ɗumi. Shi ya sa ciwon ke farawa daga ƙasa ya hau sama, kuma shi ya sa ban ruwan magariba ya fi kowanne ɓarna: ganye ya jiƙe, rana ta faɗi, raɓa ta ɗora nata, har gari ya waye bai bushe ba. Tabon kuma ba ya nuna kansa nan take, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci kusan mako. Kafin mu gan shi mun manta da wankan da muka yi.

Abin da yawancinmu ba mu lissafa ba shi ne Abuja ba Kano ba ce. A nan damina kan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara kuma ya haura milimita 1,000 nesa ba kusa ba, ga lumshi da laima a Agusta da Satumba. Tumatirin da muka saba gani jibge a Kadawa da Ɗanja na rani ne, ana bi da ruwa ta kwari tsakanin kunyoyi, iska a bushe, ganye bai san jiƙa ba. Mu kuma muka ɗauko shi muka dasa a tsakiyar damina, a lungu tsakanin katanga da ɗakin janareto inda iska ba ta ratsawa.

Tabon ma ba iri ɗaya ba ne, ko da yake mu duk "ciwo" muke ce masa. Idan ka ga babban tabo ruwan ƙasa, mai zobe a cikin zobe, gefensa ya yi ɗorawa, wannan ita ce altanariya. Takan kai santimita ɗaya ko fiye, kuma tana iya sauka kan 'ya'yan ta wajen hanci ta yi baƙin lotsi. Idan kuwa tabon ƙanana ne birjik, milimita 2 zuwa 3, tsakiyarsu toka-toka da ɗigon baƙi a ciki, saftoriya ce. Ita ba kasafai take taɓa 'ya'ya ba, ganyen take zubarwa har tumatirin ya tsaya tsirara rana ta ƙona shi. Maganinsu a lambun gida kusan ɗaya ne, don haka ba sai ka haddace sunan ba. Wanda ya kamata ka iya warewa shi ne tsutsar nan da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Ɗaga ganyen ka duba ta wajen haske: in ka ga fili fari-fari ya yi shara-shara, da tsutsa ko kashinta a tsakanin fatar ganyen, ƙwaro ne, maganin fumfuna ba zai yi masa komai ba. Ganyen da ya yi ɗorawa fes babu tabo kuma sau da yawa yunwar taki ce ko tsufa.

Sai batun cunkoso, wanda a nan ne halinmu ya fi fitowa. Ba ma iya zubar da dashe. In iri arba'in ya tsiro, arba'in ɗin za mu dasa, wai kada a yi asara. Filin Hajiya mita 2 ne a faɗi, mita 3 a tsawo, kuma gindi arba'in ta cusa a ciki. Da Baba ya auna mata da igiya, layi uku ya fitar, tsakanin layi da layi santimita 70, tsakanin gindi da gindi santimita 60, wato kamu guda da ɗan ƙari. Biyar a kowane layi, goma sha biyar ke nan.

"Baba, sauran ashirin da biyar ɗin fa?"

"Ki ba maƙwabta. Su ma kowa ya dasa da tazara, kada ki raba musu ciwon da kyautar."

Tazarar ba don saiwa kaɗai ba ce, don iska ce. Inda ganye ya haɗe da ganye, ko rana ta fito cikin duhuwar yakan kai azahar a jiƙe, alhali gindin da ke tsaye shi kaɗai ya bushe tun hantsi. Masu buhu ma haka: gindi ɗaya a buhu ɗaya, kuma a ja buhunan nesa da juna da katanga. Mu kuwa uku muke sakawa, mu manna su da bango don kada su tare wa mota hanya.

Sauran aikin ba shi da wuya, naci yake so. A kafa wa kowane gindi sanda a ɗaure shi da tsumma sako-sako, ya tashi daga ƙasa. Idan ya yi tsawo ya fara fure, a cire ganyen ƙasa har wajen santimita 30, kaɗan-kaɗan, kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyensa a rana guda. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a gindi, kauri kamar yatsu uku, ba tare da ya taɓa karan ba. Wannan shimfiɗar ce ke hana ruwan sama fantsamo ƙasa. Ban ruwa da safe, da buta ko tiyo a kwance a gindi yana zuba a hankali, kuma a damina sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe. Ganye mai tabo a tsinke shi lokacin da shuka take a bushe, a sa a leda a kai shara. Mu da muke tsinkewa mu yar a gindin wai ya zama taki, iri muke ajiye wa baɗi.

Amma duk wannan bai kai feshi farin jini a layinmu ba. Mu dai a ba mu abin fesawa. Na ga wanda ya kaɗa garin sabulun wanki ya watsa, na ga mai jiƙa kanwa, wani har kananzir ya ɗiga wai don ya yi ƙarfi. Washegari ganye ya ƙone ƙurmus, aka ce ciwon ne ya tsananta.

Haɗin gida da ba ya cutarwa in an bi awo shi ne na bekin soda, ba hodar tashin kek ba. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, cikin ruwa lita ɗaya, da ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa marar ƙarfi don ya kama ganye. A fara gwadawa a ganye kaɗan a jira kwana biyu. In bai ƙone ba a fesa sauran, sama da ƙasan ganye, da sassafe yadda zai bushe kafin rana ta yi zafi, sau ɗaya a mako. Kada a ninka awon don zumuɗi, kuma kada a zubar da ragowar a gindin shuka, gishirin da ke ciki yana taruwa a ƙasa. Ni dai ba na yi masa kirarin da ake yi masa. Ya fi tasiri a kan farar fumfuna mai kama da gari, irin ta kabewa da kokwamba. A kan tabon tumatir ɗan rage yaɗuwa kawai yake yi, ruwan sama ɗaya kuma ya wanke shi. Tabon da ya riga ya fito babu feshin da ke goge shi, na gida ko na kanti, sabon ganye ake karewa.

Ruwan darbejiya, wato gram 50 na dakakken ƙwallon a lita ɗaya, a jiƙa ya kwana a tace, aikinsa na gaske korar ƙwari ne. Yana da amfani a lambu, amma ba shi zai tsayar da altanariya a watan Agusta ba. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya je shagon maganin gona, mankozeb ko mai sinadarin tagulla za a ba shi. Ya duba lambar NAFDAC, ya bi awon da ke jikin ledar, ya rufe hanci da hannu, ya kuma ƙirga kwanakin da aka rubuta a jira kafin a tsinka a yi miya.

Hajiya ta saurari duk wannan, ta ce to baɗi za ta canja, tattasai za ta sa a wurin. Baba ya girgiza kai, ya ce tattasai da attaruhu da gauta da dankalin Turawa duk 'yan gida ɗaya ne da tumatir, a huta da su a wannan filin shekara biyu ko uku; ta sa alayyafo ko wake ko masara. In kuma tumatirin take so lallai, ta sauya masa wuri, ta yi renon iri a ƙarshen Satumba ta dasa a ƙarshen Oktoba idan ruwa ya ɗauke.

"Wato in koma sayen ruwan 'yan garuwa saboda tumatir?"

"Gindi goma sha biyar ne, Hajiya. Rabin abin da yaronki ke wanke mota da shi ya ishe su."