Wayarin Sabon Gida: Yadda Muke Yi a Riruwai

Mu dai a Riruwai an san halinmu. Mutum zai samu kuɗin masara ko na kuza, ya tashi gini, ya zaɓi kwano mai kyau, sai an zo kan wayarin ka ji ya ce, “A dai jawo mana yadda za ta kama.”

Da yamma a majalisa, wani dattijo ya ce soket ɗin ɗakin amaryar ɗansa na ɗaukar zafi, har da warin roba. Mai wayarin unguwarmu ya ce, “Baba, me take jonawa?”

“Hita, da dutsen guga, da risho na lantarki.”

“To, Baba, mu lissafa. Hita wat 2,000, guga 1,000, risho 1,500. Ka ga 4,500 ke nan. Raba da bolt 230, kusan amfiya 20. In da waya mai 1.5 aka ja gidan duka, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, don ita ta fitila da fanka ce. Soket 2.5 yake so, kuka babba kuwa 6.”

Ya ce shi ya sa ake raba layi tun daga akwatin bireka: fitilu da nasu mai amfiya 10, soket da nasu mai 20, kicin da injin ruwa kowa da nasa. Mu kuwa in bireka ta dame mu da faɗuwa, sai mu sa babba. Daga nan waya ce za ta gasu a bango, bireka na zaune.

Wani ya ce, “Ai mu cikin filasta muke binne waya, ba ruwanmu da fayif.”

“Yaya, in ta ƙone fa? Sai fasa bango. A sa fayif tun kafin filasta, ya miƙe sama ko ya tafi a kwance, kada ya karkace, don mai kafa ƙusa ya san inda zai kauce.”

Sai maganar atin, wadda ta fi shafarmu. Garinmu kan dutse yake. Sandar tagulla kan tafi kamu biyu ta ci karo da fa, sai a yanke sauran a rufe. Da damina ba a ganewa, amma da rani in ƙasa ta bushe, firji ya fara jan mai taɓa shi. Mai wayarin ya ce a nemi wuri mai zurfin ƙasa da laima, in sanda ɗaya ba ta isa ba a ƙara wata nesa kaɗan a haɗa su, sannan a gwada da na'ura. Koriyar wayar kuma ta kai kowane soket.

Jama'a, duk mai gini a hannu ya ware kuɗin waya yadda yake ware na kwano, kuma kada a yi filasta sai ya ga layukan da idonsa.