Ƙarar Dutsen Guga

Dutsen guga na lantarki da na saya naira 18,000 a wani kanti cikin kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko da yake Allah ya hore masa ƙyalli da doguwar igiya da 'yar fitila ja mai kamawa da zarar an jona shi, bai taɓa yin zafin da zai firgita ƙuda ba. Da uwargida ta gaji da jiransa, sai ta aika da babbar rigata wurin mai guga da gawayi, alhali rasidin kantin yana cikin aljihu. Rasidin nan kuwa irin na inji ne, wanda ba tawada ke rubuta shi ba, zafi ne. Saboda haka ya komo baƙi ƙirin, ba kwanan wata, ba farashi, ba sunan kanti.

Na tafi duk da haka, ɗauke da kwali da fiƙihu. Bayan gaisuwa na karanta wa mai kanti hukuncin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa wanda ya tarar da tsohon aibi a abin da ya saya yana da zaɓi, ko ya riƙe shi haka nan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ya saurara da ladabi, sa'an nan ya nuna mini allon da aka rubuta cewa kayan da suka fita ba sa dawowa. Na ce dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ba ta san wannan allo ba, domin ta wajabta gyara, ko musanya, ko mayar da kuɗi.

"Gaskiya ne, Malam," in ji shi, "amma ai hujja tana kan mai da'awa. Ina shaidar a nan ka saya?"

Na miƙa baƙar takardata. Ya juya ta gaba da baya, ya tambaya ko laya ce.

Abin da ya cece ni, bayan Risala da doka sun gaza, saƙon banki ne a wayata, mai ɗauke da sunan kantin da ranar da adadin kuɗin, sai kuma lambar jikin dutsen da ta dace da wadda yaronsa ya rubuta a littafin ciniki. Saura tabbatar da aibi, ga shi an ɗauke wuta. Aka yanke cewa mai da'awa shi zai sayi man janareto, na saya. Aka jona, mai kanti ya ɗora tafin hannunsa, muka yi ta jira har ya fara gyangyaɗi.

Kuɗi dai ya rantse sun riga sun tafi Legas, sai musanya. Ya jona sabo, ya ce adalci shi ne wannan karon ni in ɗora nawa hannun. Da hagu na karɓi sabon rasidin.