Alhaji, Ajiye Gardamar Gas da Fetur, Ɗauko Biro

Na san da na ce motar gas, wato dizal, wasunku sun riga sun taɓe baki. Ga Alhaji can yana cewa ai gas na tirela ne da janareta. Malam kuma, wanda ko sitiyarin motar gas bai taɓa riƙewa ba, ya rantse litarsa ta fi ta fetur tsada, don haka magana ta ƙare. Sannunku da lissafi. In tsadar lita ce kaɗai abin dubawa, me ya hana masu manyan motocin da ke lodin doya da masara daga Taraba su koma fetur tun tuni?

Amma bari in ba ku gaskiyarku tukuna, kada ku ce na yi son kai. A 2022 ku ne da nasara. Lokacin fetur na da tallafi, farashin gwamnati bai kai naira 200 ba, gas kuwa da aka daɗe da sakar wa kasuwa ya haura zuwa wajen naira 800. Wanda ya sayi motar gas a shekarar nan ya sha dariya, kuma ya cancanta. Sai dai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin ƙarshen 2024 litar fetur ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Ku kuma har yau kuna nan da gardamar 2022 a aljihu.

To ga mutuminmu. Yana zaune a Jalingo, harkarsa tana wajen Mutum Biyu a kan hanyar Wukari, kullum ya je ya dawo da kaya a baya. Mu ce kilomita 150 a rana, kwana 300 a shekara, kilomita 45,000 ke nan. Gabansa akwai Hilux biyu, ɗaya fetur ɗaya gas. Alƙaluman da zan sa misali ne, kowa ya cire ya sa nasa. Mu ce ta fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, ta gas lita 9. Ba tsafi ba ne. Litar gas ta fi ta fetur ƙarfi da fiye da kashi goma cikin ɗari, injinsa kuma yana matse iska sosai kafin ya ƙona man, don haka ɓarnarsa kaɗan ce.

A shekara ta fetur za ta sha lita 5,400, ta gas 4,050. Sa fetur a naira 1,000, gas a 1,200. Mai fetur ya biya miliyan 5 da dubu 400, mai gas miliyan 4 da dubu 860. Malam, ka ga mai sayen lita mai tsada shi ya dawo gida da rarar dubu 540. Cikin shekara biyar miliyan 2 da dubu 700. Gyara hularka.

Abin da nake so ka riƙe daga nan guda ɗaya ne. Tunda 12 ta fi 9 da kashi ɗaya cikin uku, gas yana da riba muddin tsadarsa ba ta fi ta fetur da kashi ɗaya cikin uku ba. In fetur na 1,000, iyakar ita ce wajen 1,330. Ranar da allon gidan mai ya nuna gas ya tsallake wannan, ribar ta mutu, ko bakaniken unguwarku ya ce me. Kuma hakan ya faru: a farkon 2024 gas ya kai wajen 1,600 alhali fetur na wajen 600 zuwa 700, kafin matatar Dangote ta fara sayar da nata farashin ya sauko. Shi ya sa mai lissafin shekara biyar ba ya yin sa da farashin rana ɗaya. Ya yi da na yau, ya sake yi da mafi munin da ya taɓa gani, ya ga ko zai iya ɗauka.

Ku kuma 'yan gas da kuka fara tafi, ku dakata, ban gama ba. Motar gas yawanci ta fi tsada wajen saye, mu ce da miliyan ɗaya. Juyenta ya fi cin kuɗi: baƙin mai ya fi yawa, ga filtar gas da ba a yi mata wasa, balle a ƙurar rani. Mu sa ƙarin dubu 100 a shekara. Rarar ta koma dubu 440, ke nan sai bayan shekara biyu da 'yan watanni motar za ta biya bambancin kuɗin sayenta. A ƙarshen shekara biyar abin da ya rage a hannu miliyan 1 da dubu 200 ne.

Wannan ɗin ma jarka ɗaya tana iya cinye shi. Injin gas na zamani yana harba mai ta nozul da matsi mai tsanani, kuma gas ɗin ne da kansa ke shafe famfo da nozul ɗin. In ka tsaya wajen 'yan bumburutu a gefen hanya aka zuba maka wanda aka sirka da kananzir, santsin ya ragu, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. In da ruwa a ciki, tsatsa ce. Motar ba za ta ɓoye maka ba: da safe sai ta yi ta tari kafin ta tashi, tana karkarwa a tsaye, hayaƙi ya yi baƙi in ka taka, ƙarfinta ya ragu a hawa. Akwai fitila a dashbod da ke kamawa in ruwa ya taru a ƙasan filta. Aikin minti biyar ne a kwance a tsiyaye shi, amma na san direban da zai liƙa mata salatif don kada ta dame shi. Mu ce gyaran nozul da famfo ya ci dubu 800, rarar shekara biyar ta koma dubu 400. In aka yi sau biyu, Malam ya dawo da dariyarsa. Mai fetur kuwa in ya sha gurɓataccen mai, sau da yawa filogi ne da famfon tanki, kuma kusan kowane gareji a Jalingo zai taɓa masa.

Don haka kafin ka biya kuɗi, nemo wanda zai gyara. Tambaye shi kai tsaye ko yana da na'urar gwada nozul, ko kuwa cirewa yake ya aika wani gari. Kwanakin da mota za ta yi a gareji tana jiran kaya, kai kana biyan haya, su ma kuɗi ne. 'Yar Beljiyam mai gas da aka ƙera don Turai kuma a yi hattara, tana da matatar hayaƙi a salansa wadda ba ta jure gas mai datti.

Hajiya, na ga hannunki. Ke da iyakarki gida, ofis da kasuwa, kilomita 50 a rana in an yi yawa, rararki ba za ta wuce dubu 180 a shekara ba kafin a cire juye, ko a hakan ma sai kin yi fiye da shekara biyar da rabi kafin miliyan ɗayan nan ta dawo. Riƙe Corolla ɗinki. Shi ma mai doguwar tafiya in shi kaɗai ne da jakarsa, ƙaramar motar fetur mai shan lita 7 ko 8 ta kayar da Hilux ɗin duka biyu. Gas na wanda ke cin hanya da kaya ne, irin mai bin Bali da Serti ya hau Mambilla zuwa Gembu, inda injin gas ke jan lodi ba tare da ihu ba. Shi ɗin ma sai in yana da gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, yana cika tanki tun daga Jalingo.