Almakashinmu a Bakin Mutane

Mu da muke yawo da waya a hannu muna ɗaukar muryar mutane tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, mu taru mu faɗa wa juna gaskiya, ai duk kanwar ja ce. Babu ɗayanmu da ke buga magana yadda ta fito daga baki, kuma ba laifi ba ne, don ba ta buguwa a haka. Hirar minti 10 idan aka zauna aka rubuta ta kaf sai ta haura kalma 1,000, ga edita yana jiran jimla uku, ga mai gabatar da labarai a rediyo ya ce daƙiƙa 20 kawai zai ba ka. Dole a sa almakashi. Aikinmu irin na tela ne, an ba ka yadi ka rage shi ya zama riga, sai dai wani telan idan ya gama, mai yadin ma ba ya gane kayansa.

Abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne shara. "To", "ka gane", "wato", "yawwa", tari da gyaran murya, da amsa sallamar wanda ya gifta a kan babur ana tsakiyar hira, duk mu kwashe mu zubar, babu wanda zai yi kuka. Amma hannu idan ya saba da kwasa ba ya tsayawa, sai ya haɗa da 'yan ƙananan kalmomin da su ne ke riƙe da maganar, irin su "wai" da "in da" da "sai dai" da "amma", don a ido ba su fi sauran girma ba.

Mu ɗauka ka je Karakkai ta ƙasar Bungudu, ka sami wani dattijo a bakin gonarsa, kun gaisa, ka tambayi gida da ruwa, sannan ka ce, "Baba, takin bana ya iso gare ku?" Mu ce ga abin da wayarka ta ɗauka, da harshensa na Zamfara:

"To, Alhamdu lillahi, mun gode Allah. Taki kam, ka gane, taki ya zo. Wai an ce buhu 100 anka kawo ma gundumarmu, wai, ni dai ban gani da idona ba. Mu dai abin da munka samu, mu biyar anka haɗa ma buhu guda. To ka gani. In da ya zo da wuri, tun hwarkon damina, da ya yi muna amfani, amma sai da gero yay yi ciki kana yaz zo. Amma dai mun gode, yaro, don bara ko hakan ba mu samu ba."

Yanzu ku saki wannan magana a tsakaninmu ku ga ikon Allah. Ɗan'uwanmu da ke son labarinsa ya yi wa ofis daɗi zai fito da: "Taki ya zo, buhu 100 anka kawo ma gundumarmu, mun gode." Kowace kalma a ciki Baba ya faɗe ta, ko a gaban alƙali sai ya rantse. Amma ya cire "wai" har guda biyu, ya mai da abin da dattijo ya ji a bakin mutane ya zama shaidar da ya bayar da kansa, alhali mutumin ya faɗa ƙarara cewa bai gani ba. Shi kuma ɗayan ɗan'uwan namu mai son labari da yaji zai ɗauki "ni dai ban gani da idona ba" ya ɗora a kan tambayar ko taki ya zo, gobe a wayi gari da kanun cewa manoman Karakkai ba su ga taki ba. Shi ma bai ƙara ko harafi ba. Buhu 100 ne Baba bai gani ba, taki kuwa ya gani, har ya ɗebi kasonsa. Su biyun za su haɗu da yamma wurin mai shayi kowa yana zargin ɗan'uwansa da son rai, kuma dukansu suna da gaskiya a kan juna.

To yaya mai tsoron Allah a cikinmu yake yi? Kafin ya taɓa komai yakan saurari hirar daga farko har ƙarshe, ba ya tsalle zuwa inda ya tuna an yi magana mai daɗi. Yana rubutawa yana sa minti a gefe, don ya iya komawa. Sannan ya tambayi kansa, in da za a tare shi a hanya a ce me tsohon nan ya ce, da wace jimla ɗaya zai amsa? A nan amsar ita ce: takin ya zo, amma kaɗan ne kuma a makare, duk da haka ya fi bara. Duk guntun da ya zaɓa, in bai zauna lafiya da wannan jimla ba, ya san almakashi ya ci inda bai kamata ba. Sai ya rubuta:

Wani manomi a Karakkai ya ce takin ya iso, kuma ya ji an ce buhu 100 aka kawo wa gundumarsu, ko da yake shi bai gani da idonsa ba. "Mu dai abin da munka samu, mu biyar anka haɗa ma buhu guda," in ji shi. "In da ya zo da wuri, tun farkon damina, da ya yi muna amfani." Ya ce sai da gero ya yi ciki takin ya zo, amma duk da haka abin ya fi na bara, da ba su sami komai ba.

Ku lura da dabarar. Abin da ke cikin alamar zance nasa ne, a jere yadda ya jero shi. Abin da ya yi tsawo ko ya warwatse, marubucin ya fito da shi waje ya faɗa da bakinsa, ya ɗauki nauyinsa da "ya ce". Mu kuwa mun fi son mu cusa komai cikin alamar zance, don ta fi kyau a shafi, har mu ɗauko jimlar minti na 2 mu ɗaura mata aure da ta minti na 9, mu sa ɗigo uku a tsakani mu ce mun fita haƙƙi. Ɗigo uku yana gaya wa mai karatu an cire wani abu ne kawai, ba ya gaya masa cewa an canja tambaya a tsakani.

Akwai kuma "Alhamdu lillahi, mun gode Allah", wadda ta fi kowace jimla shan wahala a hannunmu. Bahaushe ko gidansa ne ya ƙone, da ita zai fara. Ladabi ne da tawakkali, ba ƙuri'a ba ce. Amma sau nawa muka ɗauke ta muka juya zuwa Turanci don jaridar Abuja, ta zama manoma sun yaba, sannan wani ya sake juyo ta Hausa daga Turancin, ta dawo gida da babbar riga, mai ita ya ji a rediyo yana tambayar wa ya faɗi haka? Haka muke yi da "e". Mu jero wa mutum doguwar tambaya mai ɗauke da ra'ayinmu, ya ce "e, to, haka ne" don kunya da kara, mu kuma mu kwashe tambayar tamu gaba ɗaya mu zuba masa a baki.

Batun "munka" da "anka" kuwa, a nan ne halinmu ke fitowa. Idan babban mutum ya yi tuntuɓen harshe a Gusau, mu gyara masa tsaf, ya fito a takarda kamar yana karanta littafi. Idan talaka ne, wani lokaci mu bar masa kowane "ka gane" don a ji ƙauyanci, wani lokaci kuma mu wanke shi tas mu mai da shi Bakano. Ni a ganina rubutu ya bi daidaitacciyar ƙa'ida inda lafazi ne kawai ya bambanta, "hwarko" ta zama "farko", amma "munka" da "muna" a bar wa mai su, don ba kuskure ba ne, Hausar gidansu ce, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da za a yi wa manomi dai a yi wa kwamishina.

Abin mamaki, wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu, a zaure muka fara jin sa. Malaman hadisi, irin su Ibnus Salah da Ibnu Hajar, sun tattauna taƙaita riwaya tun ƙarnoni da suka wuce, kuma abin da mafi yawansu suka tsaya a kai shi ne ya halatta ga wanda ya san ma'ana, da sharaɗin abin da ya bari bai rataya da abin da ya kawo ba, kamar togiya. Wanda ya kawo magana da ma'anarta kuma yakan rufe da "ko kamar yadda ya ce". Can Amurka ma sai da aka je Kotun Ƙoli a 1991, a ƙarar da Jeffrey Masson ya kai mujallar New Yorker kan kalaman da marubuciya Janet Malcolm ta jingina masa, kotun ta tsaya a kan cewa abin dubawa shi ne ko canjin kalmomin ya canja ma'ana ta haƙiƙa. Mu da muka ji na farkon tun muna yara, mu ne kuma za mu buɗe Audacity mu datse "sai dai" don daƙiƙa 3 sun yi mana yawa.

A rediyo ma yankan ba ya ɓuya ga mai kunne. Bahaushe idan ya kai ƙarshen magana muryarsa sauka take yi. Idan ka ji an katse mutum muryarsa tana sama, ko ya ja numfashi zai ci gaba sai ga mai gabatarwa ya shigo, to akwai "amma" da aka binne a wurin. Haka idan kukan akuya ko ƙarar injin niƙa da ke bayansa ya yanke tsakiyar jimla ya dawo da wani sauti daban, an yi ɗinki. Mutanen karkara da rediyo ke rataye a kafaɗarsu tun safe sun fi mu jin wannan.

Kuma a ƙasarmu ta yau abin ya wuce a ji kunya. Baki shi ke yanka wuya, kuma mu muna komawa Gusau mu kwana, shi kuwa wanda ya yi maganar yana nan a garinsu da maƙwabtansa da masu sarautarsa da duk wanda ya ji. Idan hira ta taɓa tsaro ko rabon kaya, mutum yakan auna kowace kalma kafin ya sake ta, "wai" ɗin nan da "in da" su ne katangar da ya gina wa kansa. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a aikin nan suke karɓar lambar waya kafin su tashi, in sun gama rubutu su kira su karanta masa guntun, su ce, "Baba, haka ka ce?" Ba don ya janye abin da ya faɗa ba, don in ya janye muryar tana nan a ajiye ba a goge ba. Sau da yawa ma ba janyewa yake yi ba, gyara yake yi, ya ce a'a yaro, buhun da na ce na gundumarmu ne duka, ba na garinmu kaɗai ba, ka koma ka saurara ka tarar haka ɗin ya ce, a minti na 4, daidai inda babur ya wuce.