Ladubban Taƙaita Tarihin Mai Neman Aiki

Idan aka ɗora maka amanar taƙaita takardar tarihin karatu da aiki, wadda 'yan boko ke kira si-bi, domin kwamitin ɗaukar ma'aikata, to ka sani tun da fari cewa a cikin irin waɗannan takardu ba a taɓa samun malalaci ba, kowa haziƙi ne mai gaskiya da riƙon amana, kuma kowa abin sha'awarsa karatu da tafiye-tafiye, ko da iyakar tafiyarsa kasuwar ƙauyensu ce. Saboda haka aikinka na farko shi ne raba da'awa da hujja, kamar yadda alƙali ke yi a zaman shari'a.

A misali, ga mai neman kujerar akanta. Ya sami difloma a 2015, babbar difloma a 2018, ya gama bautar ƙasa a 2019, ya riƙe aikin karɓar kuɗi a wani kanti har 2021, daga nan takarda ta yi tsit sai 2023. Mai gaggawa zai ga shekara uku tsakanin difloma biyu ya ce ya kama giɓi, alhali kuwa babbar difloma karatun shekara biyu ce, kuma ƙa'ida ce ɗalibi ya yi shekara guda yana koyon aiki kafin a karɓe shi, don haka lissafin bawan Allah ya cika cif. Haka nan in ɗan jami'ar gwamnati ne ya makara, ka tuna yajin aikin malamai na 2022 shi kaɗai ya ci wata takwas, kada ka aza masa laifin da ba nasa ba.

Giɓi na haƙiƙa shi ne na 2021 zuwa 2023, kuma a nan alƙalami ya fi zamewa. Kada ka rubuta cewa korarsa aka yi, kada kuma ka yi masa uzurin jinya ko noma, domin duka biyun zato ne, takarda ba ta faɗa maka ba. Ka rubuta: "Ba a bayyana abin da ya yi ba tsakanin 2021 da 2023, a tambaye shi." Ka kuma lura ko ya sa watanni, domin wanda ya bar aiki a Disambar 2021 ya kama wani a Janairun 2023 zaman wata goma sha biyu kawai ya yi.

Batun ƙwarewa kuwa, in ya ce ya san kwamfuta ciki da bai, amma bai ambaci ko Excel ba, sai ka ce "ya ce ya iya", ka ajiye "ya iya" ga abin da takardar shaida ko aikin da ya riƙe suka tabbatar.

Kada taƙaitawar ta wuce rabin shafi, domin 'yan kwamiti na da mutum arba'in a gabansu, ga azahar na matsowa. Sunan mai gidan da ya aiko shi kuma, don Allah ka bar shi a aljihunka.